Yadda Na Rubuta wa Wani Alhaji na Dawanau Saƙo Kan Riɗinmu, Alhali Bai Taɓa Jin Sunana Ba

Ni ne magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar manoman riɗi a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Maigatari. Mu 23 ne, kuma abin da ya sa aka ba ni biro shi ne na gama sakandare, wayata ma tana ɗaukar hoto. A kakar 2024 muka yi shawarar tara farin riɗinmu wuri guda mu sayar wa babban mai saye a kan sikeli, domin mun gaji da awon kwano. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai awo yana tozo, yana tare riɗi da hannun hagu har ya kusa kai gwiwar hannu, ya san abin da nake nufi. Matsalar ita ce ba mu san kowa ba a cikin masu tara riɗi a Dawanau. Abin da muke da shi kawai lambar waya ce da wani direban ƙauyenmu ya ɗauko hotonta a jikin allon wani sito, ya ce mana motocin da ke loda kaya zuwa Legas ba sa yankewa a ƙofar wurin.

Ranar Asabar 2 ga Nuwamba na aika saƙona na farko ta WhatsApp, kuma har yau ina jin kunya idan na buɗe shi. Na fara da sallama, na gaishe shi, na tambayi iyali da kasuwa da sanyin da ya fara shigowa, na yi masa addu'a layi huɗu. Daga nan na ba da tarihin ƙungiyarmu tun daga ranar da aka kafa ta a ƙarƙashin bishiyar maina, na koka da tsadar taki, na ce muna da riɗi mai yawa kuma mai kyau, na rufe da cewa muna fatan za mu ƙulla alaƙar kasuwanci mai ɗorewa. Sai na ga kamar bai isa ba, na ƙara da saƙon murya na minti uku da hotuna tara. Alamar shiga ta fito, guda biyu, amma ba ta taɓa yin shuɗi ba. A garinmu sabis ba ya kamawa sosai sai a bayan makarantar firamare, don haka kullum bayan Asuba da bayan La'asar ina can ina ɗaga waya sama kamar mai kiran tsuntsu. Kwana shida na yi ina wannan sintiri. Na kira sau biyu, ba a ɗauka ba. Shugaban ƙungiyarmu, wanda sa'an mahaifina ne, kullum in ya gan ni a masallaci sai ya ce, "Yaro, ina labari?" in ce, "Baba, muna dai jira."

Asabar ta gaba aka cire mini Naira 12,000 daga asusun ƙungiya aka ce in je da ƙafata. Na hau babur zuwa Gumel, na shiga mota muka bi ta Gujungu da Gezawa muka sauka Yankaba, daga nan adaidaita sahu biyu suka kai ni Dawanau a kan titin Katsina. Ban taɓa shiga kasuwar ba, sai da na yi tambaya sau uku kafin na gano ɓangaren riɗi da siton da ke cikin hoton. Maigadi ya ce Alhaji bai shigo ba. Na zauna a kan wani benci daga ƙarfe goma sha ɗaya har aka kira La'asar, ina kallon 'yan dako suna hawa katako da buhu a ka. Da Alhaji ya zo, mutum kusan goma suka miƙe tare da ni, kowa da buƙatarsa, ya ɗaga hannu ya gaisa da jama'a ya shige ciki da wasu baƙi, bai ƙara fitowa ba. Ba wulaƙanci ya yi mini ba, bai ma san akwai ni ba. Na tashi jikina a sanyaye, ina lissafin yadda zan gaya wa mutum 22 cewa kuɗinsu ya tafi a zaman benci.

Kafin in bar kasuwar na biya wajen kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda yake akawu a wani shagon hatsi can wani ɓangare. Shi ma bai san Alhajin ba, domin harkar gero daban, ta riɗi daban. Ya sa aka kawo mini shinkafa da wake, ya ce in ba shi wayata ya ga abin da na aika. Ya yi ta jan saƙon da yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, wannan wasiƙar neman aure ce ko ta ciniki?" Sai ya ɗauko wayar maigidansa da ke caji a kan tebur ya nuna mini fuskar WhatsApp ɗin ba tare da ya buɗe komai ba. Saƙonni ne jere da ba a karanta ba, kuma a ƙarƙashin kowace lamba kalmomin farko kaɗai ake gani. Kusan duka da sallama da "barka da warhaka" suka fara, babu yadda za a yi ka bambance mai kawo kaya da mai neman taimako. Ya ce da dare maigidansa yake bin su da sauri, ya buɗe wanda ya ga alamar kaya a cikinsa, saƙon murya kuwa daga baƙuwar lamba ba ya saurara, domin a cikin hayaniyar kasuwa ba ya ji, a gida kuma ya gaji. Daga nan ya yi mini tambayar da ta fi damuna: "To, a ce ya karanta naka har ƙarshe, me ka ce ya yi?" Na sake duba saƙon daga sama har ƙasa. Ban ce ya yi komai ba. Alaƙa mai ɗorewa ba abu ba ne da mutum zai amsa da i ko a'a yana tsaye a bakin sikeli.

Kawu ya ce in koma gida kada in sake rubuta ko harafi ɗaya sai na san abu uku da idona: buhu nawa ne a kulle, nauyinsu nawa, dattin cikinsu nawa. Na ce ai muna da buhu 120. Ya ce, "A baki ko a sito?" A nan na yi shiru, domin 120 ɗin alkawari ne da kowa ya faɗa a wajen taro.

Lahadi da Litinin muka yi a kan wannan aiki. Da muka buɗe ɗakin da muke ajiya muka ƙirga, buhu 85 ne. Sauran suna gidajen masu su, wasu ma an riga an ci kuɗinsu a wajen masu ba da bashin damina. Mun ari sikelin rataye a wajen wani mai sayen wake, muka ba shi 2,000, muka ɗora buhu goma daga wurare daban-daban na tarin. Mafi sauƙi ya ba da kilo 78, mafi nauyi 83, don haka muka ɗauki 80 a matsayin tsaka-tsaki. Buhu 85 sau 80 ya kama kilo 6,800, wato tan 6.8. Wannan juyawar tana da amfani, domin mu da buhu da kwano muke magana, masu tara kayan fitarwa kuwa da kilo da tan suke tunani. Sai maganar datti. Muka soka buhu ashirin da ƙarfen nan mai rami da ake ɗiban samfur da shi, wasu ta sama, wasu ta tsakiya, wasu ta gindi inda ƙasa take taruwa, muka cakuɗa, muka auna kilo ɗaya a ƙaramin sikelin mai shagon magani. Matata ta tankaɗe shi da rariya, ta bushe ƙaiƙayin a faifai, muka tsince tsakuwa da hannu. Abin da ya fita ya kai giram 30. Kashi uku cikin ɗari ke nan, kuma a kan kilo 6,800 ya zama kilo 204, wajen buhu biyu da rabi na ƙasa da kara da za mu biya wa kuɗin mota zuwa Kano a zabge su a can. Da muka bincika, yawancin dattin daga buhunan mutum huɗu ne da suka kakkaɓe damin riɗinsu a kan ƙasa ba tare da tamfol ba. Aka fito da buhunansu aka sake shiƙa, muka sake gwaji, ya sauko giram 20.

A taron daren Litinin aka yi gardama a kan abin da za a roƙa. Wasu suka ce a nemi Alhaji ya turo mota ya kwashe, wasu suka ce a nemi kafin alƙalami, wani ma ya ce a sa maganar taki na baɗi. Na maimaita musu abin da kawu ya ce, cewa wanda bai san ka ba ba zai fara da abin da zai ci masa kuɗi ba, sai ka nemi abin da in ya amsa bai yi asarar komai ba. Aka tsaya a kan samfur: ni zan kai, mu za mu biya kuɗin mota, shi gwaji kawai za a yi a sitonsa. Aka kuma yarda ba wanda zai taɓa buhu 85 ɗin nan har ranar 25 ga wata, kowa ya sa hannu ko ya dangwala a littafina. Farashi kuwa aka ce kada a ambace shi. Na riɗi yana motsi kusan kullum a lokacin kaka, in ka rubuta adadi mai yawa a watsar da saƙonka, in ka rubuta kaɗan ka ɗaure kanka kafin a ga kaya.

Ranar Talata na zauna da takarda, na rubuta sau biyar ina sokewa. Ga abin da ya rage, sunaye kawai na cire:

"Assalamu alaikum Alhaji, farin riɗi ne buhu 85, kimanin tan 6.8, na bana, a kulle a sito ɗaya kusa da Gumel. Sunana wane, magatakardan ƙungiyar manoman riɗi ta gari kaza, mu 23 ne, na samu lambarka a allon sitonka na Dawanau. Mun gwada kilo ɗaya da muka ɗiba daga buhu 20, datti ya fito giram 20. Danshi ba mu da na'urar aunawa, amma a Oktoba aka yanka kuma ya bushe a dami. In ka amince, zan kawo samfur kilo biyu sitonka ranar Talata 19 ga Nuwamba da ƙarfe goma na safe, a gwada a gabana, kuɗin motar namu ne, kuma kayan za su jira har 25 ga wata. In Talata ba ta yi ba ka faɗi ranar da ta yi, ko ka gaya mini wanda zan nema. Na gode, ranka ya daɗe."

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne jimlar farko. Tarbiyyarmu ba ta yarda ka faɗa wa babba da magana ba gaisuwa ba, kuma da na karanta wa shugaba sai ya ce, "Yaro, haka za ka yi wa Alhaji magana kamar kana kiran ɗan dako?" Abin da muka daidaita a kai shi ne sallama ta tsaya a gaba, girmamawa ta koma ƙarshe, amma kalmar riɗi da adadin buhu su shigo cikin layin nan na farko da ake gani kafin a buɗe. Maganar inda na samu lambar ma sai da na yi jinkiri, ina ganin kamar ƙasƙanci ne a ce a allo na gani. Na bar ta ne domin tambayar farko da ke zuwa wa mai kuɗi in baƙuwar lamba ta shigo ita ce wa ya ba wannan lambata, kuma damfara ta waya ta yi yawa. Batun danshi kuwa, wani ya ce in rubuta kashi shida tunda an ce kusan haka masu saye suke so. Na ƙi, domin ban auna ba, su kuma suna da na'ura, in ta nuna wani abu daban, giram 20 ɗin da na auna da gaskiya ma ba za a ƙara yarda da shi ba. Hoto ɗaya na haɗa, na riɗi a tafin hannu a cikin hasken rana, kuma bayan saƙon na tura shi, ba gabansa ba.

Na aika ranar Laraba 13 ga wata bayan Isha'i, ina tsaye a bayan firamare da tocila, saboda abin da kawu ya faɗa na cewa da dare irin waɗannan mutane suke bin saƙonni. Da safe na tarar ya yi shuɗi, amma babu amsa. Alhamis ce ranar da ta fi tsawo, domin kasuwar Maigatari ke ci, kuma mutum biyu suka zo da sassafe suna son a buɗe musu ɗaki, ɗaya matarsa ta haihu, ɗaya yana da biyan bashi. Shugaba ya ranta wa mai haihuwar kuɗin ragon suna daga aljihunsa, ɗayan kuma aka nuna masa dangwalensa a littafi, ya tafi yana gunaguni. Ni kuwa hannuna yana ta ƙaiƙayi in kira, in tura "Alhaji ka gani?", in ƙara hotuna. Na daure har Asabar, sannan na tura layi ɗaya: "Alhaji, ina tuni kan samfur ɗin riɗi buhu 85 na Gumel, in zo ranar Talata da ƙarfe goma?" Bayan Magariba amsa ta shigo, kalma shida: "Ka zo Talata, ka nemi akawu."

Ranar Talata na bar gida bayan Asuba da samfur a leda biyu, kilo ɗaya-ɗaya, kowace na saka takarda a ciki mai sunan ƙungiya da lambata da kwanan wata. Na ɗauki takardar rajistar ƙungiya da katin shaidata na ɗan ƙasa da littafin sa hannu. Wata mota ta lalace a hanya ta tare mu, na isa goma da rabi, ina ta fargaba. Maigadin nan dai shi ne, amma yanzu da na nuna masa saƙon a waya na ce akawu aka ce in nema, sai ya nuna mini ƙofa. Na jira minti arba'in kafin akawun ya gama sallamar wata mota. Bai tambayi takardar rajista ba sam, katina kawai ya duba ya rubuta sunana. Ya zuba riɗin a na'urar danshi ya ce ya bushe, ya murza kaɗan a yatsa ya sansana ko akwai warin daɗewa, ya baza a farar takarda yana duba baƙaƙen ƙwayoyi, sannan ya auna ya tankaɗe. Nasa lissafin ya ba da giram 24 a kilo, ba 20 ba, domin rariyarsu ta fi tamu tsanani, tana fitar da ƙwayoyin da ba su yi ƙwari ba waɗanda mu muka bari a matsayin riɗi. Gabana ya faɗi, amma ya ce, "Malam, ka yi kusa. Masu cewa nasu ba datti sam su ne muke tsoro." Ya riƙe leda ɗaya, ya ce in riƙe ɗayar a ɗaure don in an zo kwasa a kwatanta. Alhaji na gan shi na kamar minti biyu, ya tambayi ko hanyar garinmu tana ɗaukar babbar mota, na ce sai dai ƙarama saboda rairayi, ya ce za a turo yaro ranar Asabar ya ga kayan, a yi ciniki a kan farashin ranar.

Da na koma ina lissafi a mota, tafiya biyu da sikeli da data sun ci wa ƙungiya kusan 28,000, kuma 12,000 na tafiyar farko da ba a kashe su ba da na san yadda ake rubuta saƙon tun ranar 2 ga wata. Kuskurena na farko shi ne na ɗauka rubutun shi ne aikin, alhali rubutun bai ci mini awa biyu ba, ƙirga da awo da shawo kan mutum 22 su ne suka ci kwana biyu. Na biyu, na ɗauka roƙon babban abu yana nuna da gaske muke. Amsar da na samu ta kalma shida ce saboda tambayar da na yi ana iya amsa ta da kalma shida, tunda rana da lokaci da wuri da mai biyan kuɗin mota duk na riga na ajiye su, shi nasa kawai ya ce to. Jimlar nan ta "ka gaya mini wanda zan nema", wadda na kusa sokewa don taƙaitawa, ita ce ta shigar da ni ƙofar da na zauna a bakinta awa biyar. Akwai kuma abin da ya kamata in sa ban sa ba, wato yanayin hanya, domin ita ce tambaya ɗaya tilo da Alhaji ya yi da bakinsa, kuma rabin layi ya ishe ta.

Saƙon bai sa an yi mana rangwame ba. Yaron da aka turo ranar Asabar ya soka kusan kowane buhu, ya ware shida ya ce launinsu ya yi duhu, ruwa ya taɓa su a dami, kuma da muka kwance gaskiyarsa ce. Aka ɗora 79 a sikelinsu, aka zabge nauyin buhu da na datti, aka tura kuɗin asusun ƙungiya kafin motar ta tashi, domin wannan sharaɗin shugaba ya kafe a kansa. Shidan nan muka kai Maigatari Alhamis ta gaba aka auna su da kwano, da tozon da komai. Yanzu akawun ya ce in zoɓonmu ya bushe in turo masa saƙo shi kai tsaye, kuma na riga na gaya wa 'yan ƙungiya cewa ba zan rubuta adadi ba sai na ƙirga shi a ɗaki, mukulli yana aljihuna.